Radiyos ɗin jeri mai faktoriyal: kafin ki sayi takardun amsa

*Malam, an ba mu jerin Σ n! xⁿ / nⁿ a nemo radiyos ɗinsa, R. Ni na samu e, amma takardun amsa da ake sayarwa a shagon fotokofi sun ce 1. Jarrabawa saura mako biyu, hankalina ya tashi. In saya in bi nasu ne? Ɗaliba 'yar aji biyu, Zariya.*

'Yata, kwantar da hankalinki, ke ce da gaskiya. Riƙe kuɗinki.

Inda duk aka ga faktoriyal, gwajin reshiyo ake fara ɗauka, domin (n+1)! in aka raba shi da n! ba abin da ke saura sai n+1. A nan aₙ = n!/nⁿ. Ki raba na gaba da na baya:

```
aₙ₊₁/aₙ = (n+1)·nⁿ/(n+1)ⁿ⁺¹ = (n/(n+1))ⁿ = 1/(1 + 1/n)ⁿ
```

A wannan gaɓar ce mai takardun ya zame. Ya ga n/(n+1) na dosar 1, sai ya yanke cewa duka abin 1 ne, ya manta cewa n ɗin da ke sama ita ma tafiya take yi. Abin da ke cikin baka yana matsowa kusa da 1 sannu a hankali, amma adadin sau nawa ake ninka shi yana ƙaruwa, sai su biyun su daidaita a kan wani adadi dabam. (1 + 1/n)ⁿ tana dosar e, wato kusan 2.718. Saboda haka reshiyon ya dosa 1/e, R kuma juyinsa ne, wato e.

Ba sai kin yarda da ni ba. Sa n = 10 a kalkuleta, (10/11)¹⁰ zai ba ki kusan 0.386. Sa n = 100, ki samu kusan 0.370. Ita 1/e kusan 0.368 ce. Ina alamar 1 a nan?

Abin da ke ci mini rai game da irin waɗannan takardu shi ne ba wanda ya san hannun da ya rubuta su. Wani ya kwafa daga littafin wani, na gaba ya sake kwafa, ƙaramar n ɗin da ke sama ta dushe a fotokofi na huɗu, kuskure ya zama gado. Ba sunan marubuci, ba matakan aiki, sai amsa tsirara a ƙarshen layi. Ɗalibi ya hana cikinsa abinci ya saya, ya haddace, ya shiga jarrabawa da ƙarfin gwiwa ya zuba kuskuren wani. Takardar da ba ta nuna yadda aka soke faktoriyal layi bayan layi ba, ko kyauta aka ba ki, ki gwada amsarta da lamba kafin ki amince.

Sai ki kula da bakin iyaka, domin gwajin reshiyo ba ya yanke hukunci a x = e ko x = −e. A nan dai da sauƙi: (1 + 1/n)ⁿ kullum ƙasa da e take, don haka kowane kaso na jerin ya fi wanda ya gabace shi girma. Abin da ba ya raguwa zuwa sifili ba zai taru a kan adadi guda ba. Jerin yana aiki ne kawai a −e < x < e.

*Kalkuletata tana nuna Math ERROR in na danna 70!. Jabu aka sayar mini? In sayi wata?*

Haba! Ko ta asali haka za ta yi maka. Irin waɗannan na ɗalibai ba sa kaiwa 10¹⁰⁰, 69! kuwa kusan 1.71 × 10⁹⁸ ne, 70! ya haye iyakar. Wai ma me ya kai ka danna 70!? Faktoriyal soke shi ake yi da biro. In ya tsaya shi kaɗai a ƙasa, kamar Σ xⁿ/n!, reshiyon 1/(n+1) ne, ya dosa sifili, R ba shi da iyaka. In yana sama, kamar Σ n! xⁿ, R sifili ne.

*A Σ 3ⁿ x²ⁿ na rubuta R = 1/3 aka soke mini. Wane gwaji ya kamata in zaɓa?*

Ɗana, ba zaɓin gwaji ne ya kā da kai ba, 2 ɗin da ke kan x ne. Inda kowane abu ke ɗauke da n a sama, gwajin rut ya fi sauri, amma ka sa x a cikin lissafin tun farko. Rut na n na 3ⁿ x²ⁿ shi ne 3x². Ana so 3x² < 1, wato x² < 1/3, don haka R = 1/√3, kusan 0.577. Gwada x = 0.5, wadda ta wuce 1/3 ɗinka: 3x² ya zama 0.75, jerin kuma ya taru lafiya lau a kan 4.