Kwatanta juyin Faransa da na Rasha: me ya sauya, me ya tsaya yadda yake?

Tambaya: Assalamu alaikum malamai. Ina aji biyu a sashen tarihi. An ba mu gwaji cewa mu kwatanta juyin juya halin Faransa na 1789 da na Rasha na 1917 ta fuskar abin da ya sauya da abin da ya ci gaba yadda yake. Na cika shafi biyar amma makina bai kai rabi ba, malamin ya rubuta mini cewa labari na bayar, ban kwatanta ba. Don Allah ina kuskuren yake?

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Na yi shekaru ina koyar da wannan darasi ina kuma duba takardun ɗalibai, saboda haka ko ban ga takardarki ba ina jin na san fasalinta. Shafi biyu a kan Faransa, daga faɗuwar kurkukun Bastille zuwa Napoleon, shafi biyu a kan Rasha, daga saukar sarki Nicholas na biyu zuwa Stalin, sai 'yan layuka a ƙarshe cewa duka biyun sun kawar da sarauta. Ilimin yana nan, kuma abin da ke sa ni baƙin ciki ke nan idan na ga irin wannan takarda, domin ɗalibin ya sha wahalar karatu. Sai dai ya zube wa mai dubawa kaya tuli biyu ya bar masa aikin aunawa, alhali awon ne ake ba wa maki.

Kafin ki ɗora alƙalami, ki yanke abu biyu: da wane mudu za ki auna ƙasashen biyu, kuma a wace shekara za ki tsaya ki yi awon. Na biyun ne ɗalibai suka fi mantawa, kuma shi ne ke juya amsa gaba ɗaya. Bari mu ɗauki mudu ɗaya, wato gona da manomi, mu bi shi.

A Faransa kafin 1789 manomi yana biyan masu sarautar yankinsa haƙƙoƙi iri-iri a kan gonar da yake nomawa, yana kuma ba coci wani kaso na amfanin gona. A daren 4 ga Agusta 1789 majalisa ta shelanta rushe wannan tsari. Yawancin ɗalibai nan suke tsayawa su rubuta cewa manomi ya sami 'yanci. Amma majalisar ta ce haƙƙoƙin da suka shafi gona sai manomi ya fanshe su da kuɗi kafin ya huta da su. Manoma da yawa suka ƙi biya, aka yi ta rikici a karkara, sai a Yuli 1793 aka soke su ba tare da diyya ba. A gefe guda, tun Nuwamba 1789 gwamnati ta karɓe filayen coci ta shiga sayarwa, kuma masu kuɗi na birni da manoma masu hali ne suka fi saye. Da sarauta ta dawo a 1814 aka naɗa Louis na 18, ɗan'uwan sarkin da aka kashe a 1793, kundin mulkin da ya bayar ya amince cewa wanda ya sayi fili nasa ne. Kin ga ke nan, sarki ya dawo amma gona ba ta koma ba.

To ɗauki wannan mudu zuwa Rasha. Da 'yan Bolshebik, wato 'yan gurguzun da Lenin ke jagoranta, suka karɓi mulki a 1917, cikin dokokinsu na farko akwai ta ƙasa, wadda ta ƙwace filayen manyan masu gonaki ba diyya, manoma suka raba a tsakaninsu. Idan kika tsaya a 1918 kika auna, manomin Rasha ya sami cikin watanni abin da ya fi wanda takwaransa na Faransa ya samu cikin shekara huɗu. Idan kuwa kika matsa zuwa 1933, hoton ya kife. Daga 1929 Stalin ya tilasta wa manoma shiga gonakin haɗaka na gwamnati, aka ɗora musu adadin hatsin da dole su miƙa, kuma da aka fito da takardar shaidar tafiye-tafiye ta cikin gida a 1932 ba a ba manoman waɗannan gonaki ba, don haka barin ƙauye sai da izini. Kakannin waɗannan mutane sai a 1861 aka 'yanta su daga ɗaurin da ya haɗa su da gonar ubangida. Ubangidan ya tafi har abada, wannan sauyi ne na gaske, amma ɗaure manomi a ƙauyensa ya dawo a hannun hukuma.

Daga nan hujjarki ta fito da kanta, kuma ita za ki sa a jimlar farko ta sakin layin: duka biyun sun karya tsofaffin masu ƙasa, amma na Faransa ya ƙare da ƙarfafa mallakar mutum ɗaya, na Rasha ya ƙare da shafe ta. Sai ki kawo misalan, Faransa da Rasha a sakin layi guda, kina haɗa su da kalmomi irin su "alhali", "haka nan" da "saɓanin haka". Hanya mai sauƙi ta gane ko kina kwatantawa: ki duba kowane sakin layi, idan sunan ƙasa ɗaya kawai ke ciki, kin koma ba da labari.

Kada kuma ki tsaya a faɗin bambancin, ki faɗi dalilinsa. Waɗanda suka ja ragamar juyin Faransa, lauyoyi da masu dukiya, sun ɗauki mallaka a matsayin haƙƙi mai alfarma, har sun rubuta haka a sanarwar haƙƙin ɗan'adam ta 1789. 'Yan Bolshebik kuwa tun asali aƙidarsu ita ce kawar da mallakar hanyoyin samar da dukiya, kuma suna buƙatar hatsin ƙauye don ciyar da birane da gina masana'antu. Wannan jimla biyu ta dalili ta fi shafi guda na ranaku daraja a wurin mai ba da maki.

Wani wurin da nake ganin ana tuntuɓe shi ne ɗaukar sabon suna a matsayin sabon abu. Sarakunan Faransa suna da wakilai da suke turawa larduna daga fada. Juyin ya kawar da su, ya raba ƙasar gunduma 83 a 1790, amma a 1800 Napoleon ya ɗora wa kowace gunduma kantoma da ake naɗowa daga Paris, wanda ake ce wa prefe, muƙamin da 'yan'uwanmu na Nijar suka sani har yau. A Rasha an rushe 'yan sandan ciki na sarki a farkon 1917, kafin shekarar ta ƙare Lenin ya kafa tasa hukumar 'yan sandan ciki mai suna Ceka. A nan ki yi hattara da wuce gona da iri ta ɗaya ɓangaren, kada ki ce babu abin da ya sauya. Aikin ya ɗore, amma ƙarfinsa ya ƙaru ƙwarai, don abin da hukumar Stalin ta yi a shekarun 1930 ya zarce duk abin da 'yan sandan sarki suka taɓa yi. Amsa mai kyau tana faɗin duka biyun.

Mudu uku ya ishe ki a jarrabawar minti arba'in da biyar: ƙasa, ikon gwamnatin tsakiya, sai addini ko matsayin mata. A gabatarwa ki faɗi ƙarara inda kika tsaya, misali Faransa zuwa 1815, Rasha zuwa tsakiyar shekarun 1930, domin duk biyun su sami kusan tazara ɗaya, shekara ashirin da 'yan kai ga ɗaya, kusan ashirin ga ɗayar. Idan kika auna Faransa bayan shekara ashirin da shida, Rasha kuma bayan shekara ɗaya, awon ya karkace tun daga tushe.

Ki sake rubuta sakin layin gona kaɗai da wannan tsari, ki kai wa malaminku ya duba kafin ki taɓa sauran. Allah ya ba da sa'a.