Mutum 30 a kowane rukuni sun isa?

Tambaya: Malam, zan kwatanta sabon maganin hawan jini da wanda aka saba bayarwa. An ce mini mutum 30 a kowane rukuni sun wadatar. Haka ne?

Amsa: Ɗan'uwa, ajiye 30 ɗin tukuna. Fara yanke wannan: wane ne mafi ƙanƙantar bambancin da zai sa likita ya canza wa majinyaci magani? A ce 5 mmHg ne. Sai ka duba binciken da aka yi a baya, ka ga yadda awon jinin irin waɗannan majinyata yake warwatsuwa, abin da ake rubutawa SD. A ce 10 ne. Raba 5 da 10, ka samu d = 0.5. Wannan shi ne girman tasiri.

Ƙarfin gwaji kuwa shi ne yiwuwar bincikenka ya gano wannan bambanci idan da gaske yana nan. An saba neman kashi 80 cikin 100, da iyakar kuskure ta 0.05 mai duba ɓangare biyu, wato yiwuwar ka ce akwai bambanci alhali babu shi. A kan haka akwai lissafi mai sauƙi na kowane rukuni:

```
n = 16 / d²
```

Wato 16 a raba da 0.25, mutum 64 ke nan, duka 128. In ka tsaya a 30, ƙarfin ba zai kai kashi 50 ba. Ko da maganin yana aiki, sai ka yi wata da watanni kana auna jinin bayin Allah, ka tashi ba ka tabbatar da komai ba, mai karatu kuma ya ɗauka maganin ne ba shi da amfani. Wannan yana damuna ƙwarai.

Lura da d ɗin nan da ake ninkawa da kansa. In SD ya zama 15 maimakon 10, d ya koma sulusi, 64 ta zama 144. Shi ya sa nake cewa ka ɗauki SD mafi girma cikin waɗanda ka gani. Kada kuma ka ɗauko d daga ɗan gwajin share fage na mutum goma ko sha biyar. Irinsa yana tangaɗi sosai, in ya faɗa sama sai ya ruɗe ka ka tara mutane kaɗan. Matakan d na 0.2, 0.5 da 0.8 da Jacob Cohen ya bayar a littafinsa na 1988 ma na wanda ya rasa wata madogara ne.

Wasu za su daina zuwa. In kana tsammanin kashi 15 cikin 100, raba 64 da 0.85, ka ɗauki 76 a kowane rukuni. Tabbatar da lissafin a manhajar G*Power, ka rubuta shi a takardar tsarin bincikenka kafin ka auna mutum na farko.