Kai, ke ko ku: wanne ya dace a saƙon asibiti?

Tambaya: Malam, ina aiki a ɗakin gwaji na wani ƙaramin asibiti. An ba ni wannan saƙo in mayar da shi Hausa don mu riƙa tura wa marasa lafiya ta waya: "Your result is ready. Please come with your card on Monday." Cikinsu akwai dattawa da matan aure da samari. In ce "sakamakonka" ko "sakamakonku"? Ina gudun a ce ba mu da ladabi.

Amsa: Malama, kafin a kai ga zancen ladabi akwai na jinsi. Bature da kalma ɗaya yake kiran namiji da mace, mutum ɗaya da taro. Hausa kuwa sai ta tilasta miki zaɓi, kuma a wannan ɗan saƙon sau uku za ki zaɓa: a "sakamakonka", a "ka zo", a "katinka". Idan ya faɗa wayar mace, abin da za ta fara tunani shi ne an yi kuskuren lamba, ko kuwa na maigidanta ne. Ba za ta zo ba. Saboda haka "ka" ba zai yi wa kowa da kowa ba. Rubuta "ka/ki" kuma a kowace gaɓa yana mai da saƙo tamkar takardar cikewa, ga wahalar karantawa ga wanda jikansa ne zai karanta masa a bayyane.

To, "ku" fa? Gaskiya ne ana girmama mutum ɗaya da shi, kamar yadda ake ce wa suruki "kun tashi lafiya?" Yana kuma rufe matsalar jinsi. Amma aikinsa na asali shi ne jam'i, kuma a rubuce babu murya ko rusunawa da za su nuna cewa girmamawa ake nufi. Ki ɗauka miji da mata sun zo tare, matar kaɗai aka ɗebi jininta, lambar mijin aka rubuta a kati. Ya karanta "Sakamakonku ya fito, ku zo da katinku ranar Litinin." Yana da hujjar fahimtar cewa su biyun ake nema, har ya shiga zullumin me aka gani. A sanarwar rediyo ko allon bango "ku" daidai ne, domin jama'a ake yi wa magana. A saƙon da ya shafi jinin mutum ɗaya, ni ba na son sa.

Kada kuma ki ɗauka "ka" da "ki" raini ne a kan kansu. Sarki ma "ranka ya daɗe" ake ce masa, uwargida "ranki ya daɗe". Ladabin yana cikin abin da ya kewaye kalmar, wato gaisuwa da laƙabi da taushin umarni. "Zo da kati" tsirara shi ne mai zafi. "Baba, barka da yini, sakamakonka ya fito, in Allah ya kai mu Litinin sai ka zo da katinka" babu dattijon da zai ji haushinsa.

Abin da zan zaɓa miki shi ne hanya ta uku, wadda Turancin bai nuna ba amma mu muke amfani da ita kullum: "a" da "an". Ita ce a "an wuni lafiya?" da "a sauka lafiya". Ba ta nuna jinsi, ba ta nuna yawa, kuma kunne yana jin ta da ladabi. Saƙon zai koma haka:

"Assalamu alaikum. Sakamakon gwaji ya fito. A daure a zo da kati ranar Litinin. Mun gode."

Kin ga na cire mallakar gaba ɗaya, "sakamakon gwaji" da "kati" sun wadatar. "A daure" kuma ya ɗauki nauyin roƙon da ke cikin Turancin. "Don Allah" ma ba laifi ba ne, sai dai daga bakin asibiti yakan yi kama da magiya.

Wannan hanya tana da nata raunin: ba ta faɗin wanda zai zo. A gidan da mutum biyar ke amfani da waya ɗaya, ana iya aiko yaro da kati. Maganinsa shi ne a sa suna da laƙabi a farko, "Zuwa ga Malama Wance", in kuma dole sai mai jikin ya zo, a faɗa ƙarara: "Wanda aka yi wa gwajin ake son gani da kansa."

Idan kuwa rajistarku tana nuna jinsi, kuma kuna iya tura saƙo iri biyu, ku rubuta na "ka" daban, na "ki" daban, kowanne da sallama da laƙabi a gaba. Kafin ki tura, ki bi shi gaɓa-gaɓa ki tabbata bai fara da "sakamakonku" ya ƙare da "katinka" ba, domin mai karatu zai zaci mutum biyu ake yi wa magana.