Me zan rubuta a kan hotunan tallan shagon POS?

Tambaya: Ina da shagon POS a Kano. Zan sa hotuna uku a jere a Instagram kan cire kuɗi, tura kuɗi da sayen wutar mita. Wani yaro ya ce in biya shi ya rubuta mini kalaman da Turanci. In biya, ko in rubuta da kaina?

Amsa: Malam, ka biya shi ya tsara hotunan idan yana da hannu, amma kalaman kai za ka faɗa masa, da Hausa. Kai kake jin abin da mutane ke tambaya a bakin teburinka kullum.

 Bayanin kowane aiki a jikin hotonsa zai zauna, layi biyu ko uku, da manyan haruffa. Rubutun da ke ƙasan hotunan ka bar shi ga kwatancen shago da lokacin buɗewa.

Hoton farko shi ke tsayar da mutum, don haka cire kuɗi za ka sa, tare da caji. Mu ce naira 100 kake karɓa a kan 5,000. Ka rubuta: "Cire kuɗi: naira 100 a kan kowace 5,000. Zo da katinka, kai za ka danna lambar sirrinka." Wannan jimla ta ƙarshe tana da nauyi a wurina, domin dattawa da matan aure da yawa suna gudun POS ne saboda tsoron a ga lambarsu. Idan ka ƙara caji daga baya, ka sauke hoton nan take. Wanda ya ga 100 a waya ya tarar da 150 a shago ba zai dawo ba, kuma sai ya faɗa wa maƙwabta.

Na biyu: "Tura kuɗi zuwa kowane banki. Kawo lambar asusu mai lamba 10, za mu karanta maka sunan mai asusun kafin mu tura." Kada ka yarda a rubuta "nan take" ko "ba ma samun matsalar sabis". Sabis ba a hannunka yake ba, kuma ranar da kuɗi suka maƙale, da hoton nan za a zo maka rigima. Alkawarin rasit ya fi, don shi kana iya cika shi kullum.

Na wuta gajere ne: "Kawo lambar mitarka ta KEDCO, ka tafi da lambobi 20 na lodawa a kan rasit."

Kafin ka saki, miƙa wa wani kwastoma wayar ya duba. Idan ya tambaye ka nawa ne cajin, haruffan sun yi ƙanana, sai yaron ya gyara kafin ka cika masa kuɗinsa.