Kwalin tsofaffin fayafayai da kaset: yaya zan gane na wane ne kafin in yi kuɗinsu?

Tambaya daga wani mai gyaran rediyo da sayar da kayan gwanjo a kasuwar Gujungu, Jihar Jigawa:

"Malam, barka da aiki. Na sayi kwali guda a hannun magadan wani dattijo, fayafayan garmaho kusan talatin da kaset sun fi hamsin, duka a naira dubu ashirin. Takardun jikinsu sun koɗe, wasu gara ta ci, wasu ruwa ya taɓa. Wani mutum daga Kano ya taya kwalin gaba ɗaya dubu talatin da biyar. In sallama, ko akwai yadda zan gane abin da ke ciki tukuna?"

Malam, kada ka sallama tukuna, kada kuma ka kore shi. Ka ce ya ba ka mako biyu. Wanda ya taya kwali a dunƙule, galibi ya hango guda biyu ko uku ne a ciki, sauran kuma gyara ne a wurinsa. Aikinka a cikin makonnin nan shi ne ka gano waɗannan biyu ko ukun. Mai yiwuwa ka gama bincike ka tarar tayinsa ya yi daidai, to sai ka sallama da sanin abin da ka sayar.

Fara da abin da ba za ka yi ba, domin a nan ake tafka asara. Kada ka sa ruwa ko jiƙaƙƙen tsumma a kan takardar tsakiyar faifai, kada ka kankare ta da farce, kada ka bi rubutun da ya dushe da biro don ya fito. Mai saye yana ganin sabon tawada a tsohuwar takarda zai ɗauka an yi algus. Kananzir da fetur kuwa kada su kusanci kwalin. Sifirit ma haka, musamman ga fayafayan nan masu nauyi da ke fashewa in sun faɗi, waɗanda ake juyawa a gudun 78, wato juyi 78 a minti ɗaya. Da wani irin ƙaro aka yi su, sifirit narkar da shi yake yi. Busasshen burushi mai laushi ya isa ya kawar da ƙura.

Sai ka ware su bisa girma. Mai nauyin nan na 78, faɗinsa yawanci inci 10 ne, waƙa ɗaya ta kusan minti uku a kowane gefe, kuma shi ne mafi tsufa. Ƙaramin mai inci 7 gudunsa 45. Babban mai inci 12, mara nauyi, mai ɗan lanƙwasuwa, gudunsa 33, shi ke ɗaukar waƙoƙi da yawa ko doguwar waƙa guda. Wannan kaɗai ya ba ka kimanin zamanin kowanne.

Abin da nake so ka riƙe shi ne, ba sunan mawaƙi za ka fara nema ba, lamba za ka nema. Kowane kamfani yana ba kowane faifan da ya fitar lambarsa, haruffa kaɗan sannan alƙaluma, ana buga ta a takardar tsakiya, sau da yawa a dama ko hagun ramin. Suna yana iya zuwa da rubutu iri-iri, domin masu buga takardun nan a Legas ko Ingila ba su damu da ƙa'idar rubutun Hausa ba, ƙ da ɗ duk k da d suke zama, Mamman ya koma Muhamman. Lamba kuwa ba ta sauyawa. Haruffan farkonta ma suna faɗa maka kamfanin ko da tambarinsa ya goge. In ka ga NEMI, na kamfanin EMI ne reshen Najeriya. In ka ga DWAPS, na Afrodisia ne, tambarin da Decca ta Afirka ta Yamma ta yi amfani da shi tun shekarun 1970. TRL na Tabansi ne, kamfanin da ya faro a Kano kafin ya koma Onica. A fayafayan 78 kuma za ka iya cin karo da WA na Decca, ko JZ na kamfanin nan mai hoton kare yana sauraron garmaho.

To in takardar ta ɓare gaba ɗaya fa? Nan ne mutane da yawa ke yanke ƙauna, alhali akwai wani rubutu da gara ba ta iya ci. Dubi filin nan mai santsi da ke tsakanin ƙarshen waƙa da takardar tsakiya. A wurin an zana ko an danna wasu ƙananan haruffa da alƙaluma a jikin faifan kansa, tun daga ƙarfen da aka buga shi da shi. Da rana tsaka ba za ka gan su ba. Shiga ɗaki, ka rufe taga, ka kwantar da faifan a kan tsabtataccen zane, ka kunna tocilan ɗin wayarka ka kwantar da ita kusan daidai da fuskar faifan, hasken ya riƙa shafar sa daga gefe, kana juya shi a hankali. Rubutun zai taso da inuwarsa. Sau da yawa lambar takarda ce aka maimaita, da A a gefe ɗaya da B a ɗayan, ko 1 da 2. Wani lokaci kuma lamba ce dabam ta ɗakin buga faifan, ita ma ka rubuta ta yadda take. Wannan hasken gefe yana aiki a kan takardar ma, domin injin buga rubutu yakan bar ɗan lotsi ko bayan tawada ya tafi. Ka ɗauki hoto ka buɗa shi a waya, ya fi ido gani.

Mu ɗauka ka ɗauko babban faifai, ba riga, takardarsa ruwa ya cinye rabi. Abin da ya rage: harafin E da M a sama, "Alhaji" da wani suna da ya fara da D, sai wani ɗan zobe da harafin P a ciki, da 197 a gabansa, alƙalami na ƙarshe ya goge. Zoben nan mai P yana nuna shekarar da aka fara fitar da ɗaukar, saboda haka kana cikin shekarun 1970. Ka lura, ba lallai ne a shekarar aka buga wannan kwafin da ke hannunka ba, ana iya sake bugawa daga baya da shekarar farko a jiki. Ka haska gefen santsin, ka samu NEMI da alƙaluma huɗu, amma na uku ba ka tabbata 3 ne ko 8 ba. Rubuta duka biyun. Sai ka shiga shafin Discogs a waya, inda masu tara fayafayai na duniya ke jera su, ka rubuta haruffan da lambar kaɗai, ba suna. Ka gwada da 3, ka gwada da 8. In ɗaya ya fito da hoton takarda, ka kwatanta launi, wurin da tambari yake, da yawan waƙoƙin kowane gefe. A jikin faifanka ana ƙirga waƙoƙi da ido, domin tsakanin waƙa da waƙa akwai siririn zobe mai santsi. In shafin ya ce uku a gefen A kai kuma ka ƙirga biyu, ba shi ba ne, ko da lamba ta yi kama.

Fayafayan Hausa da yawa ba a shigar da su can ba, don haka rashin samu ba ya nufin faifan banza ne, ba kuma ya nufin ka tsinci zinariya. Sai ka koma ga kunne. D ɗin nan zai iya zama Ɗan Maraya Jos, zai iya zama Ɗanƙwairo, kuma minti ɗaya na sauraro ya raba gardama: Ɗan Maraya shi kaɗai yake waƙa da kuntiginsa ba 'yan amshi, Ɗanƙwairo kuwa kotso ne da amshin jama'a. Shata da kalangu ba ya ɓoyuwa. Sunan waƙa kuma yawanci sunan wanda aka yi wa ita ne ko amshinta, dattawan kasuwarku za su faɗa maka kafin baiti na biyu. Amma kada ka ɗora faifan 33 ko 45 a garmahon da ake wanawa da hannu, mai allurar ƙarfe, juyi ɗaya zai nike shi. In ba ka da injin da ya dace, gara ka bar shi ba a ji ba.

Kada ka yarda da riga. A gidajenmu faifai yakan shiga rigar da ta fi kusa da hannu. Lambar riga da ta faifai sai sun zama ɗaya kafin ka haɗa su a ciniki. Amma ka duba rigar don farashi: in an rubuta sule ko fam, an sayar da shi kafin 1973, shekarar da naira ta shigo.

Kaset lissafinsa dabam ne, kuma ina ganin kada ka sa masa rai da yawa. Mafi yawan kaset ɗin da suka yawata a ƙauyukan Kano da Jigawa kwafi ne da masu shago suka naɗa a kan kaset ɗin da ba komai. Alamarsu a fili take: sunan kamfanin da ya ƙera kaset ɗin kamar TDK ko Maxell, da C-60 ko C-90 wanda yawan mintuna ne kawai, sai sunan mawaƙi da biro. Waɗannan lambobin ba na waƙa ba ne, kada ka ɓata data kana nemansu. Na asali shi ne wanda aka buga sunan mawaƙi da lambar kamfanin waƙa a jikin robar ko a takarda mai ɗab'i, lambar kuma ta dace da ta takardar cikin kwanso. Rubutun biron da ya dushe yakan fito da hasken gefe, tunda biro yana lotsa takarda. Shi ma shaida ce mai rauni, domin ana naɗa wa'azi a kan waƙa ba a sauya takarda ba. Kafin ka kunna, sa biro a ramin ka juya zaren ka ji ko ya manne, ka duba ɗan soson da ke ƙarƙashin zaren yana nan, kuma ka ajiye waya tana ɗauka tun kunnawar farko, don tsohon zare yakan tsinke. Abin da zan ce ka ware gefe shi ne ɗaukar da aka yi a wajen biki ko naɗin sarauta, inda za ka ji sanƙira yana ambaton gari da mai bikin. Irin wannan wataƙila babu kwafinsa ko'ina, kuma iyalan wanda aka wa waƙar ko masu nazarin waƙar baka sun fi ɗan kasuwa sanin darajarsa.

In ka gama, ka kasa kayan uku a littafi: wanda lamba da kunne suka tabbatar, wanda kunne kaɗai ya shaida, da wanda ba a gane ba. Kashin farko ka yi musu kuɗi ɗaya-ɗaya, ka faɗi aibin kowanne, karce ko lanƙwasa ko rashin riga, domin faifan da rana ta lanƙwasa ko na wane ne kuɗinsa ya faɗi. Farashin da za ka gani a Discogs na faifai mai lafiya ne da aka kai wa mai saye a ƙasar waje, kada ka ɗauke shi farashin Gujungu. Ka duba abin da aka taɓa saya, ba abin da mai kaya ya yanka ba. Kashi na biyu ka ce "muryar wane ce, amma takarda ta goge", kada ka wuce haka. Na uku su ne za ka ba mutumin Kano a dunƙule. In kashin farko bai wuce guda ɗaya ko biyu masu karce ba, karɓi dubu talatin da biyar ɗinsa, ribar dubu goma sha biyar ta fi ajiyar kayan da zafin ɗaki ke ci kullum. Kafin nan dai ka jera fayafayan a tsaye, ba a kwance ɗaya kan ɗaya ba, a ɗakin da ba rufin kwano ke gasa shi ba.