Kuɗin mamaci a banki: wa ake ba, kuma da wace takarda?

Tambaya: "Assalamu alaikum. Maigidana ya rasu kwana 20 da suka wuce, ya bar kuɗi a asusunsa na banki. Katinsa yana hannuna, na san lambar sirrin, kuma sunana ya rubuta a gurbin Next of Kin. Zan iya ci gaba da cira, ko yaya ake yi?"

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya jiƙansa, ya ba ki haƙuri da juriya. Na bi wannan hanyar lokacin da mahaifinmu ya rasu, shi ya sa na kasa wucewa ban ce komai ba.

Don Allah ki ajiye katin nan, kada ki ƙara sa shi a na'ura. Tun daga lokacin da rai ya yi halinsa, kuɗin ya tashi daga nasa ya koma dukiyar gado, kuma duk izinin da ya ba wani yana raye, na riƙe kati ne ko na sa hannu a madadinsa, ya ƙare tare da shi. Na'ura za ta ba ki kuɗi saboda ba ta san an yi rashi ba, amma tana rubuta rana da lokaci, takardar shaidar mutuwa ita ma tana ɗauke da kwanan wata. Ranar da aka ajiye takardun biyu gefe da gefe, kowa zai gani.

Haka ta faru a gidanmu. Ƙanena ya ɗauki katin Baba ya ciri dubu 150 a cikin kwana uku, da kyakkyawar niyya, don biyan ragowar kuɗin asibiti. Bayan wata biyu ma'aikaciyar banki ta buga mana bayanan shige da fice na asusun, ta ɗauki biro ta ja layi a ƙarƙashin ranar rasuwar, ta juyo da takardar wajena ba ta ce uffan ba. Layi uku na cire kuɗi ne a ƙasan wanda ta ja. Abin da ya cece shi rasit ɗin asibitin da ya adana, sauran magada suka sa hannu cewa sun yarda bashin mamaci aka biya. Ko da haka, akwai yayarmu da ta daɗe ba ta saki jiki da shi ba. Idan kin riga kin cira, kada ki ɓoye: rubuta kwanan wata da adadi da abin da aka yi da kuɗin, ki faɗa wa sauran magada da bakinki tun kafin su gani a takarda.

Maganar sunanki a fom kuwa, nan ne mutane da yawa suke ruɗewa. Wannan gurbin na wanda za a tuntuɓa ne idan wani abu ya samu mai asusu. Ba wasiyya ba ce, ba ta mayar da ke mai kuɗin, kuma ba ta hana kowa gadonsa. Rabonki yana nan, amma daga dokar gadon da ta hau kan marigayin zai fito, ba daga fom ɗin banki ba.

Abin da za ki fara yi shi ne sanar da banki a rubuce, ki haɗa da takardar shaidar mutuwa daga hukumar da ke rajistar mace-mace da katin shaidarki. Ki yi kwafi biyu na wasiƙar, su buga hatimi a ɗaya ki riƙe. Da zarar sun karɓa za su rufe fitar kuɗi: kati ya daina aiki, manhajar waya ma haka, duk wani biya da ke fita da kansa kowane wata ya tsaya. Kuɗin bai ɓata ba, yana zaune ne. Na san akwai tsoro a nan, musamman idan da wannan kuɗin ake ciyar da yara, amma rufewar tana kare ki daga duk wanda wayar marigayin ko layinsa ya faɗa hannunsa. A wannan zuwan ki tambaye su ko suna da tsarin sakin ƙaramin kuɗi ba tare da kotu ba. Wasu bankuna suna da iyakar da in kuɗin bai kai ta ba, fom na ɗaukar alhaki da sa hannun magada sun isa.

In ya haura iyakar, sai kotu. Banki ba ya raba gado, ba ya kuma zaɓar wanda ya fi cancanta a dangi. Takarda ɗaya yake jira, wadda kotu ta ambaci sunan wanda za a danƙa wa dukiyar. Idan marigayi ya bar wasiyya da wasiyyi, kotu tana tabbatar da ita. Idan bai bari ba, iyali su tsayar da mutum ɗaya ko biyu su nemi izinin kula da dukiyar mamaci. Mu ni da yayarmu aka tsayar. Kotu ta buƙaci jerin magada da adadin abin da ke asusun a ranar rasuwa, wanda bankin ya tabbatar a rubuce. Ku lissafa kowane asusu tun a zuwan farko, domin wanda ba a ambata a takardar kotu ba sai an koma an nemi ƙari. Ku kuma rubuta kowane magaji, har wanda ba a shiri da shi. Magajin da aka tsallake zai iya shigar da ƙorafi komai ya tsaya cik.

Abin da ya fi cin mana lokaci ba rigima ba ce, suna ne. A banki sunan Baba uku ne, a takardar mutuwa aka rubuta biyu, ɗayan ma da harafi daban. Aka dawo mana da takardun, sai da muka yi takardar rantsuwa a kotu cewa mutum ɗaya ne, muka rasa kusan mako shida. Yau ɗin nan ki ɗauko takardar mutuwar ki gwada da sunan da ke jikin katin, harafi da harafi.

Sannan ki shirya wa cewa abin da za a ba ku zai iya gaza abin da kika gani a waya. Baba yana da miliyan 1 da dubu 200 ranar da ya rasu. Aka cire dubu 150 ɗin ƙanena, sai ragowar rancen dubu 300 da bankin yake binsa, wanda ya riƙe kafin ya saki komai. Ga kuma fanshon wata ɗaya da ya shigo bayan rasuwar, shi ma masu shi suka nemi a mayar. Dubu 750 ya rage, daga ciki aka biya kuɗin kotu. Abin da ban sani ba a lokacin: wasu rancen suna da inshorar rai a cikinsu, wadda ke biyan ragowar idan mai bashi ya mutu. Namu ba shi da ita, amma ke ki tambaya, ki ce a nuna miki takardar yarjejeniyar rancen.

Idan asusun haɗin gwiwa ne da sunanku ku biyu, hukuncin daban ne, ya danganta da sharuɗɗan da kuka sa wa hannu ranar buɗewa, don haka ki fara duba wannan. In kuwa nasa ne shi kaɗai, bankin zai tura kuɗin ne zuwa asusu na musamman da sunan dukiyar marigayi, ko wurin da kotu ta umarta, ba asusun kowa a cikinku ba. Daga nan a biya basussuka, a zartar da wasiyya, sannan a raba, kowa ya sa hannu a kan abin da ya karɓa. Mu tsakanin wasiƙarmu ta farko da shigar kuɗin wata bakwai ne, don haka ki zauna da manyan gidan tun yanzu a san yadda za a riƙe yaran kafin lokacin.