A bolt nawa zan sa fitilun dare na sola su yanke?

"Jama'a don Allah, batir ɗina na ruwa ne 12V 100Ah, fitilu huɗu nake kunnawa a tsakar gida da garke. Kwantirolar cajin sola ta zo da bolt 10.7 na yanke wuta da 12.6 na dawo da ita, in bar ta haka ko in canza?"

Malam canza 10.7 ɗin nan tun yau. Ni nan wajen Ringim nake, batir ɗina na farko shi ya cinye min shi, ko damina biyu bai gani ba. Wannan lambar ta fi dacewa da kaya masu jan wuta da yawa, su ne ke danne bolt ya sauka ƙasa alhali da sauran caji a ciki. Fitilu kuwa jansu kaɗan ne, to in kana kunna su har mita ta nuna 10.7 wallahi ka tatse batir ɗin tas, kuma batirin ruwa ba ya yafe wannan, kullum ƙarfinsa raguwa yake. In ya huta yana nuna 12.7 a cike yake, wajen 12.1 kuma ya kai rabi. Shi ya sa nawa na yankewa, wanda wasu kwantirolar ke rubuta LVD, na ajiye shi 11.9.

Yi lissafin naka ma ka gani. A ce kowane ƙwai wat 5 ne, huɗu wat 20 kenan, kusan amfiya 1.7, daga magariba zuwa asuba awa 11, abin da za su sha bai wuce 19Ah ba, ko kashi ɗaya cikin biyar bai kai ba. Lafiyayyen batir da ya ƙoshi da rana ba zai ma je kusa da 11.9 ba. In ka ga sun ɗauke ƙarfe biyun dare kar ka ce bari in rage lamba, je ka goge fanel, ƙurar hunturu ce ko hadari ya hana shi cika, in kuma rana tsaka yana cika cikin awa ɗaya sannan ya zube da wuri to batir ya gaji.

Na dawowa, LVR, bar shi 12.6 ko ka ɗaga 12.8. Na taɓa yin wayo na sa 12.1 wai don wuta ta dawo da wuri, ai kuwa dare guda fitila na kunnuwa tana mutuwa har mai ɗakina ta ce ko aljanu ne, ashe da zarar an yanke kaya batir na ɗan farfaɗowa da kansa ya haura, kwantirola ta ɗauka ya samu caji ta sake kunnawa. A 12.6 sai rana ta fito fanel ya fara turawa.

Kafin ka saita, ari mita ka auna kan batir ɗin kansa, ƙananan kwantirolar nan sukan yi kuskuren 0.2, musamman in wayar siririya ce. In ka koma batirin litiyam kuma lambobin nan ba nasa ba ne, bi takardarsa.